Kwastoma Ya Cire Haraji Kafin Ya Biya: Ina Za Mu Rubuta Giɓin?

Tambaya ɗaya nake so mu warware, musamman mu 'yan sashen akanta da za mu fita sanin makamar aiki. Ka tura wa kwastoma takardar neman biya, kuɗi ya shigo bai cika ba, ya ce ya cire harajin riƙo, wanda za ka gani a takardu da sunan WHT. To ina kuɗin ya tafi?

Mu ɗauka kamfaninmu ya yi wa wani babban kamfani aikin ba da shawara na naira 1,000,000. Mun ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wato 75,000, jimilla 1,075,000. A ranar mukan yi debit na asusun kwastoma da 1,075,000, mu yi kiredit na kuɗin shiga da 1,000,000, na VAT da 75,000.

A ƙa'idar da ta fara aiki a 2025, kashi 5 ake cirewa a irin wannan aiki idan mazaunin Nijeriya ne ya yi shi. Kuma a kan kuɗin aikin kaɗai ake lissafawa, ban da VAT. Ke nan zai riƙe 50,000, ya turo 1,025,000. In ka ga 1,021,250 ne ya shigo, to ya haɗa har da VAT ya cire 53,750. Ka kira shi ya gyara.

Yanzu rubutun ranar biya. Debit na banki 1,025,000, debit na asusun harajin riƙo 50,000, kiredit na kwastoma 1,075,000 cif. Asusunsa ya rufe ke nan.

Wannan 50,000 ɗin fa ba asara ba ce, ba kuma rangwame ba. Harajin ribarmu ne aka biya mana tun kafin lokaci, don haka kadara ce, tana zaune a littafi har ranar da za mu ci moriyarta. Wanda ya tura ta cikin kashe-kashe ya rage riba a banza, kuma zai biya haraji sau biyu. Wanda ya bar ta a kan kwastoma kuwa, zai yi ta bin bashin da babu shi. A ganina wannan na biyun ya fi wuyar ganewa, sai ka ga 'yan ragowa na kashi 5 sun taru a asusun kwastomomi wata da watanni.

Sai dai cirewa daban, kai wa hukuma daban. Dole kwastoma ya miƙa kuɗin ga hukumar haraji da lambarmu ta TIN, ya ba mu shaidar cirewa. Kada a jira ƙarshen shekara kafin a nema. Idan harajin ribarmu ya fito, mu ce 300,000, sai mu yi debit na asusun harajin da ake bin mu da 50,000, kiredit na harajin riƙo da 50,000, mu cika 250,000.