Shawara Ga Mai Aiki Da Ɗalibi A Watan Ramadan

Ya kai mai azumi, tun da ƙarfin jiki yakan taru ne daga sallar Asuba zuwa hantsi, sa'an nan ya riƙa raguwa har La'asar, to, hikima ita ce ka ajiye aikin da ke bukatar zurfin tunani, kamar hadda ko lissafi, a waɗannan sa'o'i, kafin rana ta take. Idan ka ga kana maimaita layi ɗaya sau uku ba ka fahimta ba, alama ce ta lokacin ƙailula ya yi. Kwanta rabin sa'a bayan Azahar. Da yamma sai bita da kwafe rubutu, bayan Tarawihi kuwa kada hira ta cinye maka barcin da sahur zai katse.