Rabon Riba Gwargwadon Jari

'Yan'uwa ɗalibai da iyayenmu, duk wanda ya zauna a Briqueterie ya san yadda masu suya da teloli da 'yan yadi ke haɗa jari su yi sana'a tare. Rigima ba ta cika tasowa ranar haɗa kuɗi ba, sai ranar rabon riba. Shi ya sa muka zaɓi wannan lissafi a bana.

A ce wa da ƙane sun buɗe teburin suya. Wan ya zuba sefa 60,000, ƙanen ya zuba 40,000, kuma sun yarda a raba riba gwargwadon jarin kowa. Bayan an cire kuɗin nama da yaji da itace, sai ribar wata ta kama 25,000. Nawa kowa zai samu?

Da farko mu rage lambobin. In muka raba jarin kowa da 20,000, wan yana da kaso 3, ƙanen yana da kaso 2. Sai mu haɗa: 3 da 2 sun zama kaso 5. Na uku, mu raba ribar gida biyar, kaso ɗaya ya kama 5,000. Daga nan kowa ya ɗauki nasa: wan 5,000 sau 3, wato 15,000, ƙanen 5,000 sau 2, wato 10,000.

Kada mu tashi ba mu gwada ba. Shin 15,000 da 10,000 sun koma 25,000? Sun koma, to lissafi ya fita.

Ga inda ake yawan zamewa. Wani da ya ga 2 da 3 sai ya ce rabon ƙanen biyu bisa uku ne. Ai in haka ne zai kwashi sama da 16,000, ya fi wan da ya fi shi jari! Rabonsa biyu bisa biyar ne, domin jimillar kason ita ake sawa a ƙasa.

To in ba tare suka fara ba fa? A ce kuɗin wan sun yi wata 6 suna juyawa, na ƙanen wata 3 kacal, aka samu ribar 48,000. A nan sai a ninka jarin kowa da watanninsa: 60,000 sau 6 ya ba da 360,000, 40,000 sau 3 ya ba da 120,000. Ka ga rabon ya koma 3 da 1. Kaso 4 ke nan, kowane 12,000: wan ya ɗauki 36,000, ƙanen 12,000.

Amma wannan lissafi kuɗi da lokaci kawai yake aunawa, ba ya auna gumi. In ɗaya ne ke tsayuwa bakin wuta kullum, su tsayar da ladan aikinsa tun farko.

Ku gwada wannan a gida: teloli uku sun zuba 20,000 da 30,000 da 50,000 a rana ɗaya, suka ci ribar 30,000. Nawa ne rabon kowa?