Idan Abokin Zama Ya Yi Shiru Bayan Saɓani

Wani tela ya dawo gida bayan magariba, a gajiye. Matarsa ta gaya masa shinkafa ta ƙare. Shi kuwa ya san mudu 4 ya auno kwana 6 da suka wuce. A gaban yara da ƙanwarsa da ta zo kwana, ya ce mata, "Ke ba ki san wahalar nema ba." Ta mayar masa da magana sau biyu, murya na rawa. A na uku sai ta yi shiru, ta ɗauki fitila ta shige ɗaki.

Yanzu me ya kamata telan nan ya yi? Ya bi ta, ko ya ƙyale ta? Wannan tambaya ita ce darasinmu na yau. Ta shafi miji, ta shafi mata, domin kowa yana iya zama mai shirun, kowa kuma yana iya zama wanda aka yi wa.

Mu fara da abin da ke faruwa a jikin mutum. Idan rai ya ɓaci sosai, zuciya tana bugawa da sauri, numfashi ya taƙaita, jiki ya ɗau zafi. Baligi mai lafiya da ke zaune, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, John Gottman, ya daɗe yana nazarin ma'aurata a Jami'ar Washington, har yana auna bugun zuciyarsu lokacin da suke gardama. Ya lura cewa idan bugun ya haura 100 a minti, mutum ba ya iya sauraro yadda ya kamata. Kunne yana jin sauti, amma maganar ba ta shiga. A irin wannan hali mutane da yawa suna rufe baki. Shawararsa ita ce a dakata na aƙalla minti 20 kafin a koma kan maganar, don jiki ya sauka.

Kowa zai iya gwada wannan da kansa. Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ƙasa da babban yatsa. Ka ƙirga bugun na daƙiƙa 15, sannan ka ninka sau 4. Idan ka ƙirga 25, to ya kai 100 ke nan. A lokacin nan ba magana ce ta dace da kai ba. Ka zauna, ka sha ruwa, ka yi alwala.

Saboda haka shirun farko, wanda ke zuwa ana tsakiyar faɗa, yawanci ba raini ba ne. Mutum ne ya cika, yana tsoron kada bakinsa ya furta abin da zai yi nadama. A gidajenmu ma, nawa ne sakin da aka furta cikin wannan zafin, gari ya waye ana neman malamin da zai duba ko akwai gyara? Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne bin mai shiru har ɗaki ana cewa, "Ina magana kin yi banza da ni?" ko "Malam, ba za ka fita ba sai ka ba ni amsa." Wanda aka tsare a ƙofa haka, ko dai ya ƙara ƙullewa, ko ya fashe.

To amma ƙyale mutum ma yana da yadda ake yin sa, kuma nan ne na ga mutane da yawa suna ɓata. Suna jin an ce a ba shi wuri, sai su ɗauke kai gaba ɗaya. Miji ya saka takalmi ya tafi majalisa har sha biyun dare, bai ce uffan ba. Matar da aka bari a ɗaki ba za ta ce ya ba ta wuri ba. Cewa za ta yi bai damu ba. Kafin ka ja da baya, ka faɗi magana ɗaya gajera wadda za ta nuna kana nan, kuma ka ambaci lokacin da za a dawo kan zancen.

Telan namu haka ya yi. Ya tsaya daga bakin ƙofa, bai ɗaga labule ba, ya ce, "Maman yara, na ga ranki ya ɓaci. Zan je sallar isha'i. In Allah ya kai mu safiya sai mu yi magana." Ba ta amsa ba. Bai nemi amsa ba, ya tafi. Ya dawo a kan lokacinsa, ya ci abin da aka ajiye masa.

Daga nan sai karatun shirun. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a zaman aure hannu ya fi fuska faɗin gaskiya. Kada ka tsaya kan abin da ya tsaya, wato hira. Ka duba abin da bai tsaya ba. Shin ana amsa sallama, ko da a taƙaice? An ajiye ruwan wanka? An rufe abinci yadda aka saba? In miji ne mai shirun, ya bar kuɗin cefane a inda yake bari? Ya tambayi jikin yaron da ba shi da lafiya? Idan waɗannan suna tafiya, to fushi ne kawai, igiya ba ta tsinke ba. Sannan ka duba inda shirun ya dosa. Wanda da dare bai amsa ba, da safe ya ce "lafiya lau" a daƙile, da rana ya tambayi ko an ga makullin, wannan yana saukowa ne. Ka bar shi ya sauko da ƙafarsa.

Da asuba telan ya ce, "Ina kwana?" Ta ce, "Lafiya," ba ta dube shi ba. Amma ga koko a kwanonsa, an sa sukari daidai yadda yake so. Wannan alama ce mai kyau. Sai dai ya lura da wani abu: idonta ya kumbura, kuma da ƙanwarsa ta shigo tsakar gida sai ta koma ɗaki. Nan ya gane ba maganar shinkafa ce ta yi mata ciwo ba. Muzanta ta da ya yi a gaban dangin miji da 'ya'yanta, shi ne ciwon.

Wannan wani irin shiru ne daban, kuma yana da muhimmanci a gane shi, domin maganinsa kishiyar na farko ne. Shirun zafin rai lokaci yake so. Shirun wanda aka ji wa ciwo kuwa jira yake a zo. Mace da aka tarbiyyantar da kunya da kawaici ba lalle ta buɗe baki ta ce "ka wulaƙanta ni" ba. Namiji ma da aka gori a kan rashin kuɗi da wuya ya ce "kin karya mini zuciya." Idan ka ci gaba da ba irin wannan mutum wuri, kowace sa'a da ta wuce tana tabbatar masa cewa ba ka ga laifinka ba. Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce ka tambayi kanka tsakani da Allah: a cikin faɗan nan, na faɗi kalmar da ta taɓa mutuncinsa, ko iyayensa, ko wani rauni da na sani yana da shi? In amsar e ce, to kai ne za ka fara zuwa, kuma kada a kwana biyu.

Yadda ake zuwan ma abin koyo ne. A zaɓi lokacin da babu yara, babu baƙo, babu yunwa. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, kada miji ya kai maganar inda abokiyar zama za ta ji, kada kuma ya ɗauki damuwar wannan ɗaki ya kai wancan. Telan ya jira yara suka tafi makaranta, ƙanwarsa ta fita. Ya zauna a kan tabarma, bai tsaya a kanta ba. Ya ce, "Maganar da na faɗa jiya a gaban mutane ban kyauta ba. Ki yi haƙuri." Ya tsaya a nan. Bai ƙara da "amma ke ma" ba, don wannan kalma tana goge ban haƙurin da ke gabanta. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Malam, baƙi nawa aka yi a gidan nan cikin makon nan? Ka ƙirga?" Ya ƙirga: ƙanwarsa da 'ya'yanta 2 kwana 4, ga almajirin da ake zuba wa kullum. Ashe shinkafar ba ɓarnatar da ita aka yi ba.

Da a ce ta ce, "Ka bar ni tukuna," da sai ya karɓa, ya ce, "To, zan sake tambayarki da dare." Ƙwanƙwasawa ɗaya, sannan jira. Haka yake ga wanda ke nesa, kamar direba ko ɗan ci-rani. Kira 15 a jere matsi ne, ba lallashi ba. Saƙo ɗaya ya isa: "Na san ranki a ɓace yake. Ban kyauta ba. Zan kira bayan isha'i." Idan isha'i ta yi, a kira ɗin.

Jira kuma yana da iyaka. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3, kuma an fifita wanda ya fara yin sallama. In haka ne tsakanin 'yan'uwa, ina ga mutum biyu da ke kwana ɗaki ɗaya? Idan kwana 3 suka wuce ba a amsa sallama, an daina cin abincin juna, an raba shimfiɗa, ko ana aiken yara da saƙo alhali ana gida ɗaya, to fushi ya koma gaba. Ita gaba ba ta warkewa da ƙarin lokaci, daɗa tauri take yi. A nan ake neman na uku. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a tashi mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. A zaɓi dattijo mai riƙe sirri, ko waliyyin auren, ko limamin unguwa, tun kafin a kai ga yaji da biko.

Akwai shiru guda biyu da ba a yi musu haƙurin kwana 3. Na farko shi ne wanda aka mayar bulala: duk lokacin da mace ta tambayi haƙƙinta sai a daina yi mata magana mako guda, a hana cefane, har sai ta durƙusa ta ba da haƙurin laifin da ba ta yi ba. In abin ya zama al'ada, ko akwai duka da barazana a ciki, ko shirun nata na tsoro ne, to ta sanar da iyayenta ko waliyyinta, in ya ƙi gyaruwa a kai ga hukuma ko kotu. Na biyu shi ne shirun da ya wuce faɗan. Mutum ya daina cin abinci, ya daina barci, ya janye daga kowa har 'ya'yansa, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta. Wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma yakan sami mace bayan haihuwa. Idan ya kai mako 2 a haka, a kai shi asibiti. In kuwa ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.