Ƙa'idar rubutu a teburin labarin wasanni: lamba, lokaci, suna da taƙaitawa

Labarin wasa gajere ne, amma kusan kowace jimla tasa tana ɗauke da lamba ko suna. A Nijar kuwa waɗannan lambobi da sunaye sukan iso wa marubucin Hausa ta ƙofa biyu: sanarwar hukumomi da Faransanci, da labaran da ake ɗebowa daga Najeriya bisa tsarin Ingilishi. Takardar ƙa'ida ita ce ke yanke hukunci sau ɗaya a kan kowane saɓani, domin kada mai gyaran rubutu ya riƙa sake shari'ar a kowane dare.

Wasan ƙarshe na Gasar Cin Kofin Afirka da aka buga a Abijan ranar 11 ga Fabrairu 2024 ya isa misali. Ga yadda sabon hannu zai iya rubuta shi: "A daren Lahadi da 20h00, Eléphants sun doke Super Eagles 1-2 a wasan ƙarshe na AFCON 2024." Jimla ɗaya ce, amma gyaranta ya kai biyar.

Na farko shi ne lokaci. An take wasan da ƙarfe 8 na dare agogon Abijan, wanda yake daidai da GMT. Nijar tana gaba da awa ɗaya, saboda haka mai kallo a Maraɗi ya ga farkon wasan da ƙarfe 9. Ƙa'idar ita ce a ba da lokaci da agogon Nijar, a kuma faɗi hakan idan wasan a waje ne. Siffar "20h00" ta Faransanci ce, ba kuma mai furta ta haka cikin Hausa. Abin da baki yake faɗa shi ake rubutawa, wato ƙarfe, sai lamba daga 1 zuwa 12, sai yankin yini: na safe, na rana, na marece, na dare. Agogon awa 24 wurinsa cikin jadawali ne kawai, inda fili ya yi kaɗan.

"Daren Lahadi" ma da magana a cikinsa. A lissafin da Bahaushe ya gada, dare yana gaban yininsa: daren Juma'a shi ne wanda ake shiga bayan faɗuwar ranar Alhamis. Dattijo zai iya ɗaukar "daren Lahadi" a matsayin Asabar da dare, matashi ya ɗauke shi Lahadi da dare, kowannensu kuma da hujjarsa. A rahoton abin da ya wuce wannan bai cika cutarwa ba, amma a sanarwar wasan da ke tafe yana iya sa mutum ya zo gidan kallo ranar da babu wasa. "Ranar Lahadi da dare" ba ta barin shakka.

Sakamako kuwa tsari biyu gare shi. Cikin jadawali, lambobi suna bin jerin sunayen ƙungiyoyi. Cikin jimla, aikatau ne ke mulki: wanda ya doke wani shi ne mai lamba babba, don haka ita ke zuwa farko, "da ci 2 da 1". Rubuta "ta doke ta 1-2" yana sa aikatau da lamba su ƙaryata juna. Karan da ke tsakanin lambobi ba ya karantuwa a rediyo, shi ya sa "da" take maye gurbinsa. Sifili yana da kalamansa na gida, "2 da nema" ko "2 da babu", kuma tebur ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai. "Ɗaya mai ban haushi" magana ce mai daɗi, sai dai tana ɗauke da ra'ayi. Ta fi dacewa da sharhi.

Harafi biyu kan sauya ma'anar lambar minti. William Troost-Ekong ya ci wa Najeriya a minti na 38, Franck Kessié ya farke a minti na 62, Sébastien Haller ya ƙara ta biyu a minti na 81. "Minti na 38" matsayi ne cikin jeri. "Minti 38" tsawon lokaci ne, kamar a ce ɗan wasa ya buga minti 38 aka sauya shi. Mai gyara ya tambayi jimlar: yaushe, ko har tsawon yaya?

Sunayen ƙungiyoyi suna tayar da batun jinsi. Eléphants da Super Eagles jam'i ne a harsunansu, shi ya sa hannu yake zamewa zuwa "sun". A Hausa abin da ake nufi ƙungiya ce ko ƙasa, dukansu tamata, saboda haka "ta doke". Ana ajiye "sun" domin ƴan wasa: "Mena ta doke Masar da ci 1 da nema a Yamai a 2010", amma "ƴan wasan Mena sun yi murna". Sunan kulob ba a fassara shi: Sahel SC ta zauna Sahel SC, Espoir ta Damagaram ba ta zama "Fata" ba. Sunan gari kuwa na Hausa ne, Yamai, Damagaram, Tawa. Inda sunan kulob ɗin asalinsa Hausa ne, kamar Dan Kassawa ta Maraɗi, akwai jayayya ta gaske tsakanin rubutun rajista da ƙa'idar da ke son Ɗan Kasawa. Hanya mafi sauƙin karewa ita ce bin yadda kulob yake rubuta sunansa, a maido da ƙugiya idan ana maganar Sarki Ɗan Kasawa kansa.

Sai taƙaitattun sunaye. CAN da AFCON gasa ɗaya ce. Mai karatu a Nijar CAN ya saba ji, ita za a riƙe, bayan an kawo cikakken suna da Hausa a ambaton farko. Shekarar ma tarko ce: gasar da aka buga a farkon 2024 sunanta CAN 2023, kamar yadda CAN 2021 ta gudana a Kamaru cikin 2022. Shekarar suna ba a taɓa ta, ranar wasa ce ake faɗa daban. A gida, AS GNN ta dakarun Garde Nationale ce, US GN ta jandarma, AS FAN ta sojoji. Harafi ɗaya ya ɓata, an ba wata rundunar nasarar wata. A allon FIFA kuwa NIG Nijar ce, Najeriya NGA take.

Jimlar da aka gyara ta zama: "Ranar Lahadi 11 ga Fabrairu 2024, Kodebuwa ta doke Najeriya da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na Gasar Cin Kofin Afirka, CAN 2023, wanda aka fara da ƙarfe 9 na dare agogon Nijar."

Saura kuɗi da manyan lambobi. Faransanci yana raba ɓangaren lamba da waƙafi, Ingilishi yana raba dubbai da shi, don haka "60,000" dubu sittin ce ga wani, sittin ga wani. Barin fili, 60 000, ko rubuta "dubu 60", yana kashe rigimar. Kuɗin shiga fili ya fi wuya, domin a kasuwa da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa faran 5 ce. Tikitin faran 500 "ɗari" ne a bakin mai saye, na faran 1000 jika ɗaya. Idan aka rubuta "ɗari biyar" babu ƙarin bayani, mai karatu zai lissafa faran 2500. Lambar da ke kan tikiti ita ake rubutawa da alƙalumma, tare da kalmar faran. Lissafin dala ana barinsa cikin maganar wanda aka zanta da shi, kamar yadda ya faɗe ta.