Alamomi Uku Na Hali A Wurin Masu Zikiri, Da Ma'aunin Da Ake Auna Su

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, duk wanda ya san garin Dutse da garuruwan da ke kewaye da shi, kamar Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, ya san yadda 'yan ɗariƙar Tijjaniyya ke taruwa ranar Juma'a bayan la'asar suna hailala har faɗuwar rana. Yawancinsu sukan tashi kamar yadda suka zauna, sai dai ladan da suke fata. Amma jefi-jefi akan sami wani wanda abu ya same shi a tsakiyar zikiri, ya tashi yana hawaye, in an tambaye shi sai ya kasa bayani. Wannan abu shi malaman sufanci ke kira hali, watau wani yanayi da ke sauko wa zuciya ba da shirin mai ita ba, ya ɗan jima, kana ya wuce.

A ɗauki misalin wani tela a unguwar Garu cikin Dutse. Ya shekara goma yana lazimi safe da yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100, bai taɓa jin kome ba. Ran nan ana cikin zikirin Juma'a sai muryoyin jama'a suka haɗe a kunnensa suka zama murya guda, sa'an nan ya daina jin tabarmar da yake zaune a kai, ya daina jin cewa shi ne mai yin zikirin. Bai farga ba sai da na kusa da shi ya taɓa kafaɗarsa domin ana kiran magariba. Da ya je wurin muƙaddaminsa, abu uku ya iya faɗa: bai ga kome ba sai Allah, bai san ko minti ɗaya ya yi ko yini ba, kuma duk kalmar da ya ɗauko sai ya ji ta yi kaɗan. Waɗannan su ne alamomi uku da aka fi ji daga bakin masu irin wannan hali, kuma kowace tana da fassara ta daidai da ta kuskure.

Alama ta farko ita ce ganin kome ya zama ɗaya. Sufaye suna kiran wannan fana'i, watau gushewar mutum daga jin kansa da jin halitta. Imam Ƙushairi, wanda ya rasu a 1072, ya yi bayaninsa a cikin Risalarsa da labarin matan Masar da ke cikin Suratu Yusuf, aya ta 31. Da suka ga Annabi Yusufu sai kyansa ya cika musu zuciya har suka yanke hannuwansu ba su ji zafi ba. To, wuƙa tana nan, hannu yana nan, jini ma yana zuba, abin da ya gushe shi ne kulawarsu. In kyan abin halitta ya iya yin haka, ba abin mamaki ba ne tunanin Mahalicci ya shagaltar da bawa daga kansa. Taurari ma suna nan a sama da tsakar rana, hasken rana ne ya hana ido ganinsu.

Nan ne wurin da ƙafa ke zamewa. Da a ce telan nan zai ce bai ga kome ba sai Allah, ya ba da labarin abin da ya same shi, ba laifi. Amma in ya ce shi da Allah abu guda ne, to ya mai da abin da ya ji ya zama aƙida, ya kuwa faɗi abin da ya saɓa wa tauhidi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a littafinsa Mishkatul Anwari cewa masu wannan hali in maye ya sake su, hankali ya dawo, sukan gane cewa abin da suka ji ya yi kama da haɗewa ne kawai, ba haɗewa ba ce ta haƙiƙa. Bawa bawa ne ko a cikin fana'i, Ubangiji kuma Ubangiji ne. Malamin Indiya Ahmad Sirhindi, wanda ya rasu a 1624, ya ƙarfafa wannan bambanci, inda ya ce kaɗaitar tana cikin ganin mai gani ne, ba cikin samuwar abubuwa ba.

Alama ta biyu ita ce gushewar lokaci. Mutum yana sanin wucewar lokaci ne ta hanyar lura da abubuwa masu bin juna: wannan numfashi bayan wancan, wannan ƙwayar tasbaha bayan waccan, inuwa tana ƙara tsawo. In zuciya ta tsaya cak a kan abu guda, babu na gaba babu na baya, sai ma'aunin ya faɗi daga hannunta. Shi ya sa telan ya kasa faɗin ko minti ne ko yini, alhali kuwa waɗanda ke gefensa sun san abin bai kai rabin sa'a ba. Lokaci bai tsaya ba, rana ba ta fasa faɗuwa ba, kuma wajibcin salla bai jira kowa ba.

Saboda haka malaman Bagadaza na farko suka mai da lokutan salla ma'aunin wannan alama. An ruwaito cewa an gaya wa Imam Junaidu, wanda ya rasu a 910, cewa abokinsa Nuri ya kwana da kwanaki yana ambaton Allah, ba ci ba sha. Da aka tabbatar masa cewa duk da haka Nuri yana yin salla a kan lokacinta, sai ya ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa Allah na tsare da shi. Junaidu ya fifita wartsakewa a kan maye, watau mutum ya dawo cikin hankalinsa da jama'arsa bayan fana'i, wanda ake kira baƙa'i. Ta fuskar fiƙihu kuwa, littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya lissafa gushewar hankali ta barci mai nauyi ko suma cikin abubuwan da ke wajabta alwala. Don haka in telan nan ya kai har tasbaha ta faɗi daga hannunsa bai sani ba, abin da ya fi aminci shi ne ya sake alwala kafin ya shiga sahun magariba.

Alama ta uku ita ce gazawar harshe. Sufaye suna kiran irin wannan sani zauƙi, watau ɗanɗano. Dutse ta shahara da dabino. A ce an sami baƙon da bai taɓa cin dabino ba, mutumin Dutse ya zauna yana kwatanta masa: ya fi rake taushi, bai kai zuma zaƙi ba, yana da ɗan ƙamshi nasa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma baƙon bai san dabino ba sai ya sa a baki. Kalmomi an gina su ne a kan abin da mai magana da mai saurare suka yi tarayya a kansa. Gazali da kansa ya bar koyarwa a Bagadaza a 1095 bayan ya gane cewa ya san sufanci a takarda amma bai ɗanɗana ba, kamar likitan da ya san ma'anar lafiya alhali shi kansa yana kwance. A littafinsa Munƙizu ya yi gargaɗi cewa wanda ya matsa wa harshe sai ya faɗi abin nan, ba makawa kuskure ya shiga maganarsa.

Tarihi ya nuna tsadar wannan kuskure. Irin maganganun da ke kuɓuce wa mai hali ana kiransu shaɗahatu. Mansur Hallaji, wanda aka danganta masa kiran kansa da ɗaya daga cikin sunayen Allah, an kashe shi a Bagadaza a 922, ko da yake siyasar fadar halifa ma ta taka rawa a shari'arsa. A ƙasar Hausa ma, tun da tarbiyyar Failar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda ya rasu a 1975, ta bazu daga Kano zuwa garuruwan da yanzu ke cikin Jihar Jigawa, ba ƙaramin ɓangare na gardamar da ake yi tsakanin 'yan ɗariƙa da masu sukarsu ya samo asali ne daga kalaman da wasu almajirai suka furta a bainar jama'a ba tare da sun san iyakar abin da suka ji ba. Mai hankali yakan kai maganarsa ga malami masanin tauhidi da fiƙihu, ya kame bakinsa a kasuwa.

Ya kamata kuma a sani cewa alamomin nan uku ba Musulmi kaɗai ke ba da labarinsu ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, William James, ya tattara labaran mabiya addinai daban-daban a littafin da ya wallafa a 1902, har ya kawo maganar Gazali a ciki. Ya ga cewa abin ba ya faɗuwa da baki, mai shi yana jin ya sami wani sani, ba ya daɗewa fiye da sa'a ɗaya ko biyu, kuma yana zuwa ne kamar an rinjayi mutum. Bugu da ƙari, yunwa mai tsanani, da rashin barci, da kayan maye, da wani nau'in farfaɗiya, duk suna iya kawo abin da ya yi kama da haka. Ashe ke nan jin alamomin ba ya zama hujjar walittaka, ba ya kuma zama hujjar ɓata.

To, da me za a bambance? Muƙaddamin kirki zai tambayi telan abu huɗu. Shin ya dawo ya yi sallarsa a kan kari, ko kuwa ya fara jin ya wuce matsayin masu ruku'u da sujada? Shin ya ƙara tawali'u da riƙon amanar yadin mutane da cika alkawarin ɗinki, ko kuwa ya fara raina 'yan'uwansa na zawiyya? Shin abin da ya fahimta ya dace da Alƙur'ani da Sunna? Sa'an nan shin abin yana zuwa masa a kan keken ɗinki ko a hanya ba tare da zikiri ba, yana cizon harshe, ko fitsari ya kuɓuce masa, ko ya tashi a ruɗe da ciwon kai? In na ƙarshen nan ne, maganar ta asibiti ce, kuma jinkirta ta da sunan hali zalunci ne ga mai ita.

In kuwa amsoshin sun yi kyau, abin da ya rage masa shi ne ya gode wa Allah, ya ci gaba da laziminsa kamar da, kada ya zauna zikiri yana farautar abin ya dawo, domin wanda ya yi haka ya koma neman hali maimakon neman Mai ba da hali. Wanda kuma ya shekara arba'in yana zikiri bai taɓa jin kome ba, kada ya ɗauka an bar shi a baya, gama abin da aka umarci bawa da shi ambato ne da tsayuwa a kan umarni. Allah Ya datar da jama'ar Musulmi, amin.