Yadda Ake Rubuta Wasiƙar Neman Gwajin Kare Kundin Digiri

A jami'o'in Najeriya, ɗalibin ajin ƙarshe ba ya kammala digirin farko sai ya rubuta kundi, wato binciken da akasari ake shirya shi babi biyar, a wasu sassa kuma sai ya kare shi a gaban kwamitin malamai, wani lokaci har da mai jarrabawa daga wata jami'a. Gwajin karewa shi ne zaman da ɗalibi yake gabatar da aikinsa a gaban malamin da ke duba shi kafin ainihin ranar karewa, domin a gano kurakuran da za a iya gyarawa tun da sauran lokaci. Tun da wannan zama yawanci ba ya cikin jadawalin sashe, alfarma ce ake nema, don haka dole ne wasiƙar ta sauƙaƙa wa malamin amincewa, ta yadda ba sai ya koma yana tambayar yaushe, a ina, ko don me ba.

Mataki na farko shi ne zaɓen lokacin aikawa. Ana rubuta wasiƙar bayan malamin ya duba babi na ƙarshe ya amince da shi, domin gwaji a kan kundin da ba a gama gyarawa ba yakan rikiɗe ya koma zaman gyaran rubutu. Ya dace ta isa hannunsa kamar mako biyu kafin karewa, a kuma nemi zaman ya kasance da tazarar kimanin mako guda, saboda idan aka yi gwajin ana gobe karewa, abin da aka gano ba zai gyaru ba, sai dai ya ƙara wa ɗalibin fargaba.

Mataki na biyu shi ne tsara kan wasiƙar bisa ƙa'idar wasiƙar aiki. Ana sa adireshin ɗalibi da kwanan wata, sai sunan malamin tare da muƙaminsa na gaskiya, Dakta ko Farfesa, sai sashe da tsangaya. Bayan gaisuwa ta girmamawa sai take mai bayyana buƙata, misali "Neman Izinin Gwajin Kare Kundi". Jimlar farko tana ɗauke da sunan ɗalibi da lambar rajista da taken kundi da ranar karewa, domin malamin da ke duba ɗalibai da yawa a zango ɗaya ba lalle ne ya tuna kowa da suna kawai ba.

Mataki na uku, wanda shi ne ƙashin bayan wasiƙar, shi ne fayyace abin da ake son a gwada. A ɗauki ɗalibar Sashen Koyar da Harsunan Najeriya wadda ta nazarci kalmomin Larabci da Hausa ta aro, aka ba ta minti goma ta gabatar da aikinta. Idan ta rubuta cewa tana son malam ya taimaka mata ta shirya, ba ta ba shi abin kamawa ba. Abin da ya fi shi ne ta rubuta: "Ina roƙon Malam ya ba ni minti talatin, in gabatar da aikina cikin minti goma, sannan a yi mini tambayoyi a kan babi na uku, musamman dalilin zaɓen mutanen da na tattauna da su, da yadda na bambance kalmar aro da ta asali." Da wannan malamin ya san tsawon zaman, ya kuma san inda take jin rauni, wanda galibi shi ne babin hanyoyin gudanar da bincike, inda kwamiti ya fi matsa lamba da tambayar me ya sa aka bi wannan hanya aka bar waccan.

Mataki na huɗu shi ne ba da zaɓin lokaci. Ɗalibar za ta ambaci ranaku biyu ko uku da ba su ci karo da darussan malamin ko lokacin sallar Juma'a ba, ta ƙara da cewa a shirye take ta bi duk lokacin da ya fi masa sauƙi, sannan ta haɗa da tsakuren kundin da abin da za ta nuna a majigi, domin ya leƙa kafin zaman. Sai ta rufe da godiya taƙaitacciya da sa hannu da lambar waya, duka a shafi ɗaya.

Abin da ya fi ɓata irin wannan wasiƙa shi ne neman malamin ya faɗi tambayoyin da kwamiti zai yi, domin hakan yana jefa shi cikin zargin son kai, yana kuma nuna ɗalibin hadda yake nema ba fahimta ba. Haka nan doguwar gaisuwa da kirari sukan binne buƙatar, har a karanta shafin ba a gane abin da ake so ba. Idan kwana uku ko huɗu suka wuce babu amsa, ladabi shi ne ɗalibin ya je ofis a lokacin ganin ɗalibai da kwafin wasiƙar a hannu, idan kuma malamin bai samu sarari ba, sai ya nemi izininsa ya yi gwajin a gaban abokan karatu ko wani malami na sashen, ya kawo masa tambayoyin da suka gagare shi.