Darasin Mako: Yadda Mai Sana'ar Kansa Zai Ƙiyasta Harajinsa Daga Littafin Ciniki



Ma'aikacin albashi ba ya shan wahalar lissafin haraji, domin kafin kuɗi su shigo hannunsa an riga an cire. Mu kuwa da ke cin abinci daga buhu da mudu a nan Upper Iweka da sauran kasuwannin Anaca, mu ne za mu yi lissafin da kanmu. Idan ba mu yi ba, hukuma za ta yi mana nata kintacen, kuma mai kintace yakan dubi girman shago da tulin kaya ne, bai san bashin da ke kanka ba. Shi ya sa yau za mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi daga farko har ƙarshe.

Mu fara da doka. An sa hannu a kan sabuwar dokar haraji ta Najeriya a watan Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Harajin da muke magana a kai harajin samun mutum ne, kuma jihar da mutum yake zaune ita ke karɓa. Wanda zamansa da kasuwancinsa suke Anaca, hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Anambara, wato AIRS, ita zai biya. 'Yan'uwanmu na Fatakwal da Inugu kowa da hukumar jiharsa, amma ma'aunin lissafin ɗaya ne a duk ƙasar. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, a kan riba ake ɗora haraji, ba a kan ciniki ba.

Mataki na farko: nawa kayan da aka sayar suka tsaya?

Mu ɗauki wani mai wake da ke saro kaya daga Dawanau a Kano, yana da sito a nan. Alƙaluman na misali ne, kowa ya sa nasa. Littafinsa ya nuna cinikin shekara, daga Janairu zuwa Disamba, naira 48,000,000. A cikin wannan har da waken da ya bayar bashi ba a biya ba tukuna, domin kaya sun riga sun bar hannunsa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya cire duk abin da ya saro a shekara daga ciniki, ya ce sauran shi ne riba. Wannan lissafin ya manta da sito. Akwai waken da ya kwana daga bara, akwai kuma wanda zai kwana zuwa baɗi. Ga yadda ake yi:

Kayan da ke sito ranar 1 ga Janairu: 3,000,000
A ƙara sarin shekara: 38,000,000
A ƙara kuɗin mota, lodi da saukewa: 2,400,000
A cire kayan da suka rage ranar 31 ga Disamba: 4,000,000
A cire waken da aka kai gida aka ci: 200,000
Abin da kayan da aka sayar suka tsaya: 39,200,000

Kayan sito ana ƙimanta su ne da kuɗin da suka tsaya maka, ba da farashin da kake fatan sayarwa ba. Waken gida kuwa mun cire shi domin ba a sayar da shi ba, cefane ne. Idan muka fitar da 39,200,000 daga 48,000,000, saura 8,800,000. Wannan ita ce ɗanyar riba.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna ko littafin yana da ɓaraka. Ka ƙirga da buhu: na farkon shekara da waɗanda ka saro, ka cire na ƙarshen shekara da na gida. Abin da ya rage dole ya yi daidai da buhunan da ka rubuta ka sayar. In akwai giɓin buhu ashirin, to ko an yi cinikin da ba a rubuta ba, ko ƙwari da ruwa sun ɓata kaya, ko kuma wani hannu ya shiga sito. Asarar ƙwari a rubuta ta ranar da aka gan ta.

Mataki na biyu: kuɗin da aka kashe domin sana'a

Ƙa'idar a nan ita ce, ana cire kuɗin da aka kashe kacokan domin samar da ribar. Ga na mai wakenmu:

Hayar shago da sito na shekara: 900,000
Albashin yara biyu: 1,200,000
Kuɗin kasuwa da na gadi: 180,000
Buhuna da maganin ƙwari: 220,000
Rabin kuɗin katin waya: 60,000
Cajin banki da na'urar POS: 40,000
Jimilla: 2,600,000

Ku lura da waya. Ya kashe 120,000 a shekara, amma da ita yake kiran dillali a Dawanau, da ita kuma yake gaida iyaye, don haka rabi kawai ya ɗora wa sana'a. Haka ma haya: in mai gida ya karɓi ta shekara biyu a dunƙule, ta shekara ɗaya za a sa bana, sauran ta jira baɗi.

Akwai abubuwan da ba sa shiga wannan layin ko da daga akwatin shago aka ɗauki kuɗin: cefane, kuɗin makarantar yara, kuɗin motar zuwa gida da Sallah, gudummawar biki, da abin da mai shago ke ɗiba don kansa. Zakka da sadaka ma ba kuɗin gudanar da sana'a ba ne. Lissafin zakka daban yake, domin ita tana duban dukiyar da ke hannu idan ta kai nisabi shekara ta zagayo, shi kuwa wannan yana duban ribar shekara.

Daga 8,800,000 mun cire 2,600,000, saura 6,200,000.

A wannan shekarar ya sayi babban sikeli da janareto, duka naira 500,000. Irin waɗannan kayan ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekara guda, tunda za su daɗe suna aiki. Doka ta ba kayan aiki irin waɗannan kashi 20 cikin ɗari a shekara, wato 100,000 bana. Ribar sana'a ta koma 6,100,000.

Mataki na uku: rangwamen mutum

Tsohuwar doka tana da wani dunƙulallen rangwame da kowa ke samu. Sabuwar ta soke shi, ta kawo rangwamen hayar gida: kashi 20 cikin ɗari na hayar gidan da kake zaune, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. Mai wakenmu yana biyan 600,000 a shekara, rangwamensa 120,000 ke nan. Sai dai dole ya bayyana hayar, don haka ya riƙe rasit daga mai gida. Wanda ke zaune a gidan kansa ba shi da wannan. Mai zuba kuɗin fansho ko inshorar lafiya ta gwamnati shi ma a nan yake cirewa. Namu ba ya yi, saboda haka abin da za a ɗora wa haraji shi ne 5,980,000.

Mataki na huɗu: hawa-hawan haraji

Ba a ɗaukar kaso ɗaya a buga a kan kuɗin duka. Ana yanka su ne hawa-hawa:

800,000 na farko: babu haraji
2,200,000 na gaba: kashi 15
9,000,000 na gaba: kashi 18
13,000,000 na gaba: kashi 21
25,000,000 na gaba: kashi 23
Abin da ya haura 50,000,000: kashi 25

To mu yanka 5,980,000. Naira 800,000 na farko sun wuce kyauta. Naira 2,200,000 na gaba a kan kashi 15 sun ba da 330,000. Zuwa nan mun cinye miliyan uku, saura 2,980,000, su kuma a kan kashi 18 sun ba da 536,400. Idan aka haɗa, harajin shekara ya kama naira 866,400.

Wasu na jin tsoron in ribarsu ta tsallaka miliyan uku, za a caje su kashi 18 a kan duka. Ba haka ba ne, abin da ya haura ne kawai ke hawa sabon mataki. Mai wakenmu ya taɓa hawan kashi 18, amma 866,400 a kan ribar 6,100,000 kusan kashi 14 ne. Mai shayi ko mai nama da abin da ya rage masa bayan duk cire-ciren nan bai wuce 800,000 ba, babu harajin samu a kansa, sai dai littafi ne zai tabbatar masa da hakan.

Inda takarda ke zama kuɗi

Mu koma kan kuɗin mota, 2,400,000. Yawancinmu hannu da hannu muke biyan direba, babu rubutu. A ce jami'i ya ƙi amincewa da shi saboda babu shaida. Ribar za ta ƙaru da 2,400,000, a kan kashi 18 kuwa ƙarin haraji 432,000 ke nan, rabin harajin shekara, a kan kuɗin da da gaske an kashe su. Maganin ba shi da tsada: a tura ta banki, ko a rubuta rana, lambar mota, yawan buhu da kuɗi, direba ya sa hannu. Albashin yara ma haka, shafi ɗaya kowane wata.

Sai kuma asusun banki. A cikinmu akwai wanda 'yan'uwa ke tura wa kuɗi amana, ko kuɗin masu kaya ke bi ta hannunsa shi la'ada kawai yake ci. Wanda ya duba takardar banki zai ga miliyoyi sun shigo, yana iya ɗauka duk ciniki ne. A ware asusun sana'a daban, duk kuɗin da ba naka ba a rubuta mai shi da ranar da ya fita. Dillali la'adarsa ce samunsa.

In ka taɓa kai kaya wani kamfani ya riƙe wani kaso da sunan haraji kafin ya biya ka, nemi takardar shaidar, domin ana rage wannan daga abin da za ka biya.

Lokaci da iyaka

Bayanin samun shekara ana miƙa shi ne kafin ƙarshen watan Maris na shekarar da ke biye, wato na 2026 zuwa 31 ga Maris, 2027. Rashin miƙawa yana jawo tarar 100,000 a watan farko, da 50,000 kowane wata bayansa. Littattafai da rasit kuma a adana su aƙalla shekara shida. Kuɗin tikiti da na ƙungiya da muke biya a kasuwa ba sa maye gurbin wannan harajin.

Wannan lissafin na mai sana'a shi kaɗai ne, ko da ya yi rajistar sunan kasuwanci. Wanda ya yi rajistar kamfani mai zaman kansa, hukuncinsa daban. Kuma ƙiyasi ne, don ka san inda ka tsaya kafin ka shiga ofis. Mai harka babba ya kai littafinsa wa akanta.

Naira 866,400 a dunƙule tana da nauyi, musamman in ta faɗo lokacin sari. In aka raba gida 12, naira 72,200 ce a wata, ana ajiyewa gefe. Aikin wannan makon: kowa ya ƙirga buhunan sitonsa, ya rubuta rana da abin da suka tsaya masa. Wanda rubutu ke ba wuya ya sa ɗansa ɗan makaranta ya riƙe masa littafin, ko da ajami ne.

Allah ya sa albarka a nema. Juma'a mai albarka.